Maki 20 da hujja: yadda muka ɗauki malami a Garwa

Bara mu uku muka zauna tantance mutum biyar masu neman koyar da ajin CM2 a wata makarantar kuɗi a nan Garwa. Dukkansu suna da takardar CAPIEMP, don haka ganawar ce za ta raba gardama. Bayan mutum na farko ya fita, abokin aikina ya rubuta "yana da kirki", ni kuwa na rubuta "bai ƙware ba". To, wa za a bi?

Sai muka zana takarda mai gida huɗu: sanin darasi, tsara darasi, riƙe aji, da bayani da Faransanci. Kowane gida maki 5, jimla 20, yadda muka saba. Muka sake kiransa, kowa kuma aka ba shi aiki iri ɗaya: ya koyar da rabawa cikin minti 10.

Sharaɗinmu shi ne babu maki sai da hujja. A sanin darasi, wata malama ta samu 4 a wajena, na rubuta: "Ta raba 84 gida 7 a allo, ta tabbatar da 12 sau 7." Kowa yakan rubuta nasa kafin a yi magana, don kada ra'ayin babba ya ja na ƙarami. Idan tazara ta kai maki 2, sai a koma ga hujja.

Malamar ta tashi da 16, ita muka ɗauka. Sai dai minti 10 ba ya nuna mai makara, wannan kam sai an tambayi inda ta koyar a baya.