Don Me Tsofaffi Su Ke Maimaita Labarin Ƙuruciyarsu?

A hutun da ya wuce na yi wa kakana wani laifi wanda har yanzu ina jin kunyarsa. Muna zaune a zaure bayan cin tuwon dare, sai ya soma ba da labarin ranar da aka juya hannun tuƙi a Nijeriya, watau ran 2 ga Afrilu, 1972, sa'ad da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Shi kuwa a lokacin direban babbar mota ne, yana ɗauko goro daga Shagamu zuwa Arewa. Bai kai rabi ba na tare numfashinsa, na ce, "Haba Kaka, ai wannan shi ne na uku tun da na zo." Na ɗauka wasan jika da kaka ne. Sai ya dube ni ya ce, "Ashe na gaya maka?" Ya yi shiru. Kwana huɗu bai sāke ba da wani labari ba.

Wannan shirun ne ya sa na koma ga abin da a ke koya mana a darasin sanin halin ɗan Adam, na ƙara da karatu. Ga abin da na samo, ko ya yi wa wani amfani, gama kowannenmu yana da tsoho a gida.

Da ya huce, sai na ɗauki littafi na riƙa rubuta kowane labari da ya bayar, ina lissafa shekarunsa a lokacin da abin ya faru. An haife shi a 1948. Kafin hutu ya ƙare na tara labari tara. Ɗaya na yarintarsa ne, ɗaya na rasuwar kakata ne, sauran bakwai ɗin kuwa duk sun faru ne tsakanin shekarunsa 15 da 30: shigarsa aikin yaron mota, samun lasin, aurensa, juyin hannun tuƙi, da makamantansu. Daga shekara 30 zuwa 60, ko da ya ke a nan ne ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, ban sami labari ko ɗaya ba.

Ashe ba kakana kaɗai ba ne. A 1986 wani masani Ba'amurke, David Rubin, da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa manya. A kan faɗa wa mutum kalma, kamar "kogi" ko "kasuwa", a ce ya faɗi abin da ta tuna masa. Suka ga, in an ware abubuwan kwanan nan, abin da dattawa su ke tunawa ya fi taruwa a tsakanin shekara 10 da 30 na rayuwarsu.

Dalilin ba wuya. A waɗannan shekaru ne mutum ya ke yin kome karo na fari: barin gida, albashin fari, aure, haihuwar fari. Abin da ya zo sabo, ya kuma taɓa zuciya, shi ya fi kama zama a ƙwaƙwalwa. Kakana ya bi hanyar Shagamu sau ɗaruruwa, amma tafiye-tafiyen duk sun narke sun zama ɗaya, domin kowacce kamar 'yar'uwarta ta ke. Ta ranar juyin hannu ce ta fita dabam, gama ran nan da tsoro ya yi tuƙi. Har wa yau, a shekarun nan ne mutum ya ke zama abin da zai zama. In an tambayi kakana ko shi wane ne, "direba" zai ce, ko da ya ke ya fi shekara 20 rabonsa da sitiyari. Sa'an nan kuma kowane ba da labari bita ne. Labarin da aka yi shekara 50 ana bayarwa kamar turbar rafi ce da ƙafa ta daɗe tana bi, ciyawa ba ta rufe ta.

To, wannan ya nuna dalilin da labarin ƙuruciya ya ke zuwa bakinsa. Saura tambaya ta biyu: don me ba ya tuna ya riga ya gaya mini? Mu malamai mun san wannan a jikinmu. In kana koyar da aji uku darasi ɗaya, ran Laraba sai ka tsaya kana tunani, "Shin na ba wannan aji misalin nan, ko wancan ne?" Misalin yana nan daram a kanka, wanda ka faɗa wa shi ne ya ɓace. A 2009 wasu masana biyu a Kanada, Nigel Gopie da Colin MacLeod, suka gwada wannan. Suka sa mutane su riƙa faɗa wa hotunan sanannun mutane 'yan bayanai, daga baya aka tambaye su wane bayani suka faɗa wa wace fuska. Aka ga tuna wanda ka gaya wa magana ya fi tuna wanda ya gaya maka wuya, domin sa'ad da ka ke magana hankalinka yana kan maganar ne. A 2010 aka yi gwajin da tsofaffi, aka ga sun fi matasa kuskure, suna kuwa da tabbaci a ransu cewa ba su faɗa ba alhali sun faɗa.

Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa, hifokamfas, wanda aikinsa ɗaure sabon abu da wurinsa da lokacinsa da mutanen da ke wurin. Da tsufa ya kan ɗan ragu. Tsohon labari ya riga ya kafu tun tuni, amma "jiya na gaya wa jikana a zaure" sabon ɗauri ne, shi ya sa ya ke saurin kwancewa. Tun 1881 wani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya lura cewa in tunani ya soma lalacewa, sabon abu shi ke fara tafiya, tsoho ya saura. Don haka da kakana ya ce, "Ashe na gaya maka?" tsakani da Allah ya ke tambaya. Ni kuwa na nuna masa rauninsa a gaban yara.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ba na mantuwa ba ne. Wani likita Ba'amurke, Robert Butler, ya rubuta a 1963 cewa waiwayen da tsoho ya ke yi aiki ne na lafiya, yana auna rayuwarsa ne ya ga me ta haifa. Na lura kakana ya fi ba da labarin juyin hannu in ƙanena mai babur yana wurin. A ƙarshen labarin kullum akwai wani direba da ya manta ya koma hagu a kwana, ya yi karo. Ashe gargaɗi ne ya ke yi, ba ya so ya fito fili ya yi faɗa.

Yanzu sai batun kafewa kan al'ada. Naira ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Fiye da shekara 50 ke nan, amma kakana har gobe in ya ce "jaka" naira 200 ya ke nufi, watau fam 100, da shi kuma ya ke auna tsadar kaya. Kujerarsa wuri ɗaya, kokonsa lokaci ɗaya, rediyonsa tasha ɗaya. Da aka saya masa wayar shafawa, a aljihun tebur ta ƙare.

Abin da hannu ya saba, kamar tuƙi ko ɗaurin rawani, wani sashe ne dabam na can cikin ƙwaƙwalwa ya ke riƙe da shi, tsufa kuwa ba ya cinsa da wuri. Aikin sabo ba ya neman tunani. Sabuwar hanya kuwa sai an danne tsohuwar, an riƙe matakai uku ko huɗu a ka lokaci ɗaya, wannan ƙarfi kuma shi ne ya ke raguwa da shekaru. Ƙara da raunin ido da na kunne. Tsohon da ya san inda kowane abu ya ke a ɗakinsa zai iya tashi da dare ba fitila. In ka gyara masa ɗakin don kirki, ka kawar da kujera, ka iya jawo masa faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho babbar masifa ce. Abin da mu ke kira taurin kai, sau da yawa dabara ce ta mai tattalin ƙarfinsa.

Amma kada a ce tsoho ba ya koyon sabon abu. Yana koyo, sai dai a hankali. Da likita ya rubuta wa kakana maganin hawan jini, aka yi ta fama, kullum sai ya manta. Sai innata ta daina cewa "ƙarfe takwas", ta riƙa ajiye ƙwayar a kan faifan da a ke rufe kokonsa. Tun daga ran nan bai tsallake ba. Ta ɗaura sabon abu a jikin tsohon sabo. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna da hannu, a maimaita kwana da kwanaki, a faɗi dalili: duk ƙa'idodin da a ke koya mana don aji su ne.

Sai dai lalle mu san iyaka, domin ba kowane maimaici ne na lafiya ba. Kakana ya kan maimaita labari bayan kwana biyar ko mako, labarin yana da kai da gindi, in an tuna masa ya gane. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ta kan tambayi abu ɗaya sau biyar kafin a sauke tukunya, ta ɓata a hanyar kasuwar da ta yi shekara 40 tana bi, ta kasa haɗa miyar da ta saba, har ta kan kira ɗanta da sunan ƙanenta da ya rasu. Mutane suka ce gigin tsufa ne, waɗansu ma suka soma zargin maita. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Irinsa da ya fi yawa shi ne wanda likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906, ba kuwa kowane tsoho ne ya ke yinsa ba. Ma'aunin shi ne: shin abin yana ƙaruwa wata bayan wata, yana kuma hana shi aikin da ya saba yi? In haka ne, a kai shi asibiti. In kuwa ruɗewar farat ɗaya ta zo, cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta ran nan, gama zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani na iya jawo ta, ana kuwa warkewa in an yi sauri.

Daren da zan komo makaranta na ce, "Kaka, ranar juyin hannun nan, wa ke zaune kusa da kai a mota?" Ya gyara zama. Sai ga wani yaron mota da ban taɓa jin sunansa ba, wanda ya kwana yana ce masa "dama, maigida, dama" a kowace kwana har suka iso. Na sha jin labarin nan, amma ban taɓa tambaya ba, shi ya sa kullum hanya ɗaya ya ke bi. 'Yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu, ku gwada. In tsoho ya ɗauko labarin da kuka sani, ku yi masa tambayar da ba ku taɓa yi ba, ku kuma rubuta amsar tun yana nan.