Bashi ma yana tsufa: yadda ɗan sari zai gane kuɗinsa da ke neman salwanta

A kasuwar Singa da ke Kano, inda ake sarin sukari da shinkafa da taliya da sabulu, kaya da yawa kan bar shago ba tare da an ƙirga ko sisi ba. Mai kanti daga Haɗeja ko Maraɗi zai loda mota, ya ce "Alhaji, sai na juyo," a rubuta sunansa a littafi. Mai shago kan san jimillar kuɗin da yake bin mutane. Abin da ya fi shige masa duhu shi ne kwana nawa kowane bashi ya yi a waje, kuma a nan ne jari ke zurarewa.

Masu ilimin akanta suna da hanya mai sauƙi ta gano haka. A ƙarshen kowane wata a ja layi huɗu a gaban sunan kowane abokin ciniki: bashin da bai wuce kwana 30 ba, na kwana 31 zuwa 60, na 61 zuwa 90, sai wanda ya haura 90. Kowane ɗaukar kaya ana sa shi a layinsa gwargwadon ranar da ya fita. Wasu sun fi son ƙirgawa daga ranar alkawarin biya. Duk wadda aka zaɓa, a tsaya a kanta ga kowa.

A ɗauki misalin ɗan sarin da ke bin mutane naira miliyan 12. Da aka rarraba, sai aka ga miliyan 6.5 sabon bashi ne, miliyan 2.5 na layi na biyu, miliyan 1.2 na na uku, miliyan 1.8 kuma ya haura wata uku. Wannan na ƙarshen shi ne abin tashin hankali. Idan ribarsa naira 5 ce a kowace 100 ta ciniki, sai ya sayar da kayan miliyan 36 kafin ya mayar da gurbin miliyan 1.8 ɗin in ta salwanta. Ko an biya shi daga baya ma, farashin buhu ba ya jiran kowa.

Mai bashin da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ba ya yanke ƙafa. Ga wani ya ɗauki kayan naira 900,000 ranar 10 ga Janairu, ya kawo 300,000. Ranar 15 ga Maris ya ƙara na 400,000, daga baya ya turo 200,000. Kullum ana gaisawa, ana ganin kuɗinsa na shigowa, yaran shago ma suna yi masa kallon mutumin kirki. Ƙa'ida kuwa ita ce duk abin da ya biya a cire shi daga bashi mafi daɗewa. Da an yi haka ranar 30 ga Afrilu, za a ga saura 400,000 na kayan Janairu sun kwana 110 a hannunsa, sauran 400,000 na Maris kuma sun kwana 46. Wato rabin abin da ake bin sa ya faɗa layin haɗari, ana ta ƙara masa kaya.

Kowane layi da irin bibiyarsa. A na farko, gaisuwa ta waya da tuni kafin ranar alkawari sun wadatar. A na biyu, a aika masa da lissafinsa dalla-dalla, a nemi ya faɗi rana da adadi da bakinsa, a rubuta. "In sha Allahu kwanan nan" ba rana ba ce. Da ya shiga layi na uku, a dakatar da ba shi sabon kaya sai da kuɗi hannu, ko kuma ya rage tsohon kafin a loda. Nan ne kunya ke cin 'yan kasuwa da yawa, musamman in mai bashin suruki ne ko ɗan garinsu.

Idan ya haura kwana 90, maigida da kansa ya kamata ya taka ya ga shagon. Kantoci cike da kaya alama ce ta mai taurin bashi. Shagon da ya yi fayau kuwa na nuna karayar arziki, kuma Alƙur'ani a aya ta 280 ta Suratul Baƙara ya yi umarni da a jinkirta wa irin wannan. A tsara masa biya kaɗan-kaɗan, a rubuce, gaban shaidu, ba tare da ƙarin ko kwabo ba, don ƙari saboda jinkiri riba ce da addini ya haramta. Mai taurin bashi kuma a fara da wanda ya gabatar da shi, sannan shugabannin kasuwa, kotu ta zama ta ƙarshe.

Kafin a ɗaga wa kowa murya, a tabbatar lissafin daidai ne. Sau da yawa mutum ya biya ta hannun mai POS, kuɗin ya shigo da sunan wani ba a san na wa ba ne, ko ya dawo da katan biyar da suka jiƙe ba a rage masa ba, ko ya damƙa wa yaron shago kuɗi a tasha. Shi ya sa a daidaita littafi da bayanin asusun banki tukuna, sannan a ɗauki waya.