Gigabait Nawa Ya Ishi Katin Hoton Kwamfutarka?

Wanda ya je sayen katin hoto don wasannin kwamfuta, lambar farko da mai shago zai nuna masa ita ce ta gigabait: 8, 12 ko 16. Wannan lamba girman ma'adanar katin ce, wadda ake rubutawa VRAM a jikin kwali. A nan katin ke ajiye duk abin da yake buƙata don zana hoto. Sai dai lambar ita kaɗai ba ta gaya maka ko katin zai biya maka buƙata ba.

Mu fara da allo. Hoton da kake gani ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel. Allon 1080p yana da fiksel 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2. Na 1440p yana da miliyan 3.7, na 4K kuwa miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p ke nan. Hoto guda na 4K bai wuce megabait 33 ba, amma wasa yakan riƙe shimfiɗu da dama na hoton a lokaci ɗaya, wannan na haske, wancan na inuwa, wani na nisan abubuwa, kuma kusan duk suna kumbura idan allo ya ƙaru. Abin da ya fi cin wuri shi ne zanen da ake lulluɓe abubuwa da shi, kamar fatar mutum da bangon gida da ciyawa. Babban allo yana tona asirin zane maras kyau, don haka mai 4K yakan zaɓi mafi inganci, shi kuma ya fi nauyi.

A sababbin manyan wasanni, gigabait 8 yakan wadatar a 1080p, ko da yake wasu kan cika shi idan aka ƙure saiti. A 1440p hankali ya fi kwanciya da 12, a 4K kuwa da 16. Mai aikin ofis da kallon fim bai buƙatar ko kusa da haka, ko da allonsa 4K ne.

Idan ma'adana ta cika, katin yakan ari wuri a ma'adanar kwamfuta ta hanyar ramin da aka soka shi. Ramin PCIe 4.0 mai layi 16 yana ɗaukar kimanin gigabait 32 a daƙiƙa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na saurin ma'adanar matsakaicin kati ba. Alamarsa ita ce wasa yana tafiya sumul, sai ya riƙa cijewa idan ka juya ko ka shiga sabon wuri, ko bango ya fito dishi-dishi kafin ya washe. Manhajar GPU-Z za ta nuna maka yawan wurin da aka cinye. Maganin farko shi ne rage `Texture Quality` mataki ɗaya.

Sai batun sauri. Rumbu komai girmansa, idan ƙofarsa ƙarama ce, ɗibar hatsi sai a hankali. Katin yana karanta ma'adanarsa yana rubutawa don zana hotuna 60 ko fiye a kowace daƙiƙa, kuma yawan abin da ke wucewa ya dogara da faɗin hanya da saurin ƙwayoyin ma'adanar. Ana ninka biyun, a raba da 8.

Ga misali daga katunan Nvidia biyu. RTX 3060 mai gigabait 12 yana da hanya mai faɗin bit 192 da saurin gigabit 15, abin da ya ba da gigabait 360 a daƙiƙa. RTX 3060 Ti gigabait 8 kawai gare shi, amma faɗinsa 256 ne, saurinsa 14, wato 448. Ga shi kuma injinsa ya fi ƙarfi, don haka a yawancin wasanni na biyun ne kan gaba. Na farkon ba ya samun galaba sai wasa ya nemi fiye da gigabait 8, domin wurin da ba a cika ba bai ƙara wa kati gudu ko kaɗan.

A ƙananan katuna ma akwai wannan tarko. GT 1030 iri biyu ne, suna ɗaya, gigabait 2 kowanne. Mai GDDR5 yana kai gigabait 48 a daƙiƙa, mai DDR4 kuwa kimanin 17, kuma a wasa bambancin a fili yake. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, musamman a kan na hannu, ka sa a soka katin a buɗe GPU-Z, ka duba `Memory Size` ka gwada da allonka, sannan ka duba `Memory Type` da `Bandwidth`.