Gyambon Ciki: Me Ya Sa Magani Ɗaya Ba Ya Isa?

Sau da yawa mukan ji ana cewa yunwa ko barkono ne ke haddasa olsa. Waɗannan suna iya tayar da zafin, amma ba su ne tushen ciwon ba.

Cikinmu yana fitar da asid mai ƙarfi domin narkar da abinci. Abin da ke hana asid ɗin cin naman cikin shi ne wata majina mai kauri da ta lulluɓe bangonsa. Idan wannan kariya ta yi rauni, sai asid ya ƙona wurin har ya zama gyambo. Abubuwa biyu ne suka fi jawo haka: yawan shan magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibuprofen, da kuma wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori.

Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano alaƙar ƙwayar da olsa, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar takan shiga jiki tun muna yara, ta baki. Tana samar da sinadarin amoniya wanda ke rage ƙarfin asid a kewayenta, sannan ta kutsa cikin majinar ta zauna. Zamanta yana jawo kumburi, kumburin kuma ya raunana kariyar.

To, me ya sa sai an yi gwaji? Domin ba kowane zafin ciki ne olsa ba, ba kuma kowace olsa ce ta ƙwayar ba. Ana gano ta ta gwajin bayan gida, ko na numfashi, ko a zura siririyar kyamara ta baki.

Mu ɗauka gwaji ya nuna wata ɗaliba tana da ƙwayar. Likita na iya haɗa mata magani uku na kwana 14: omeprazole mai rage asid, da amoxicillin da clarithromycin masu kashe ƙwayar. Rage asid yana ba gyambon damar warkewa, yana kuma sa sauran biyun su yi aiki sosai. Ana haɗa biyu ne saboda ƙwayar kan bijire wa guda ɗaya. Idan ɗalibar ta ji sauƙi a kwana na biyar ta daina sha, ƙwayoyin da suka tsira za su sake yaɗuwa, kuma maganin na iya kasa tasiri a karo na biyu. Bayan aƙalla mako huɗu da gamawa, sai a sake gwaji don tabbatarwa.

Idan muka ga aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, alama ce gyambon yana zubar da jini. A garzaya asibiti nan take.