Karatun Alamar Wanki a Jikin Tufafi

Bara da hunturu na sayi rigar sanyi ta ulu a wurin 'yan gwanjo a kasuwar Mubi. Da ta yi dauɗa sai na kai ta gidan yayata inda a ke da injin wanki, na haɗa ta da zannuwan gado, na murɗa injin zuwa `Cotton 60`. Ko da na fito da ita, ta tsuke ta yi kauri, ko ƙanena ba ta shiga. Yayata ta juya rigar, ta nuna mini wani ɗan farin ƙyalle a gefe, ta ce, "Malam, kai da za ka koya wa yara karatu, ka kasa karanta wannan?"

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga abin da ke jikin ƙyallen nan. Alamun jere su ke, ta fari kuwa ita ce ta wanki, watau hoton baho da ruwa. Lambar da ke cikin bahon ita ce iyakar zafin ruwan da tufa za ta jure. In an rubuta 40, ana iya wankewa a 30, amma kada a haura 40. Wasu tufafin Amurka ɗigo su ke sawa maimakon lamba: ɗigo ɗaya 30, biyu 40.

Sa'an nan a dubi ƙarƙashin bahon. In ba layi, tufar tana jure wanki sosai, kamar zanen auduga, sai a zaɓi `Cotton`. Layi ɗaya yana nufin a sassauta juyi da matsa, watau `Synthetics`. Layi biyu kuwa lallaɓawa ƙwarai, watau `Wool` ko `Delicate`. In an zana hannu cikin bahon, da hannu za a wanke. In an soke bahon da gicciye, kada ta shiga ruwan wanki sam.

Rigata 30 ne a jikinta da layi biyu, ashe laifi biyu na yi. Gashin ulu yana da 'yan ɓawo kamar na kifi. Zafi da yawan juyi su kan sa su sarƙe da juna, in kuwa sun sarƙe ba sa warwarewa.

Saura gargaɗi biyu. In za a haɗa tufafi a inji, a bi alamar wadda ta fi rauni a cikinsu. Kuma da bazara ruwan tanki ya kan yi zafi da rana a Mubi, injin kuwa ba ya sanyaya shi. A taɓa da hannu tukuna. Zafin jikin mutum 37 ne, saboda haka ruwan 30 ba ya yi wa hannu zafi. In ya yi, a bar wankin sai da safe.