Tabon Silin da Wasiƙar Ɗan Haya

A watan Agusta, lokacin da damina ke tsakiyarta a Kano, 'yan haya da yawa kan ɗaga kai su ga tabo ruwan ƙasa ya bayyana a silin. Abin da aka saba shi ne a buga wa mai gida waya, ya ce “in sha Allahu za a duba”, maganar ta bi iska. Takarda mai kwanan wata da hotuna ita ce ke zama shaida.

Sai dai hoto yana nuna inda ruwa ya fito ne, ba inda ya shiga ba. Ruwan da ya kutsa ta ramin ƙusa a kwano yakan bi jikin katako ya yi 'yar tafiya kafin ya ɗiga. Don haka kada ɗan haya ya rubuta cewa kwano ya huje a wuri kaza. Gano wannan aikin kafinta ne.

Duk da haka tabon yana faɗin abubuwa. Idan zobe-zobe ne, wani cikin wani, yoyon ya maimaitu, ya jiƙe ya bushe ba sau ɗaya ba. Baƙin ɗigo-ɗigo fumfuna ce, alamar danshi ya daɗe. Silin da ya yi ciki kuwa ruwa ne kwance a kansa, yana iya ruftowa. In tabon ya kusanci ƙwan fitila ko fanka, a kashe wutar ɗakin tun kafin a nemi biro. Wanda kuma ke faɗaɗa da rani, a tuhumi bututu ko tankin ruwa, ba rufi ba.

A zagaye bakin tabon da fensir, a rubuta kwanan wata a gefe. A ɗauki hoto ɗaya daga bakin ƙofa don a gane ɗakin, ɗaya kuma kusa-kusa. Bayan ruwan sama na gaba a sake ɗauka. In tabon ya tsallake layin fensir, gardama ta ƙare.

Wasiƙar ba ta son tsawo:

“Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa. Tun ruwan daren 12 ga Agusta silin ɗakin kwana yake yoyo ta kusurwar gabas. Hoto na 1 ya nuna tabon kamar faɗin faifai. A hoto na 2, bayan kwana biyar, ya ninka, ya kusa kai wa fanka. Ina roƙon a turo kafinta cikin kwana bakwai. Ina gida kullum bayan La'asar.”

A sa hannu, a ajiye kwafi. In mai gida ya ce “gyara ka cire a kuɗin haya”, a nemi ya rubuta hakan tare da adadin da ya amince da shi, sannan a riƙe rasit ɗin kwano da ƙusa da na ladan kafinta.