Idan mara lafiya ya daina zuwa, wa zai ƙirga shi?

Mu ƙaddara wani asibiti yana son sanin ko jinyar tattaunawa, wadda mai fama da ciwon damuwa yake zama da ƙwararre suna zantawa mako-mako, tana da amfani. Aka samu mutum 60. Aka yi ƙuri'a, 30 suka fara jinyar, 30 aka ce su jira tukuna. Ana auna kowa sau huɗu: ranar farko, da mako na 4, da na 8, da na 12. Ma'aunin shi ne takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda makinta yake tashi daga 0 zuwa 27, kuma yawan maki yana nufin tsananin ciwo.

Da kowa ya zo duk lokacin da aka sa masa, da an tara awo 240, da kuma ba mu da doguwar magana. Amma wanda ciwon damuwa ya kama, tashi daga gado ma aiki ne a wurinsa, balle neman kuɗin mota zuwa asibiti. Wata ta yi tafiya, wani ya ga babu sauƙi ya haƙura. A misalinmu mutum 15 ne suka tsallake zuwa aƙalla sau ɗaya, 10 daga masu jinya, 5 daga masu jira. Awo 20 suka salwanta, 220 suna hannu.

A nan mai lissafi yake tsayawa a mararraba. Tsohuwar hanya ita ce ANOVA ta maimaita awo, wadda ta samo tushe daga aikin Ronald Fisher na shekarun 1920. Tana da sauƙin koyo, shi ya sa malamai da ɗalibai suka saba da ita. Sharaɗinta dai mai tsauri ne: sai wanda awonsa ya cika take karɓa. Wanda ya rasa ko da guda ɗaya, manhaja za ta cire shi ɗungurungum, sau da yawa ba tare da wani gargaɗi mai ƙarfi ba. Sai ka duba adadin mutanen da ke saman jadawalin sakamako ka ga 45 a maimakon 60. An yi aiki da awo 180, an zubar da 40 masu kyau waɗanda mutane suka sha wahala suka zo suka bayar.

Asarar adadi ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce su wane ne aka zubar. Mu leƙa rukunin masu jinya. Mutum 20 da suka kammala sun fara da matsakaicin maki 16, suka ƙare da 8. ANOVA za ta ce maki ya sauka da 8, a yi ta murna. Goman da aka cire kuwa da 19 suka fara, kuma a zuwan da suka samu yi ba su gusa daga 18 ba. A ce da an same su a mako na 12 suna kan 17. Idan aka haɗa duka 30 ɗin, matsakaicin farko 17 ne, na ƙarshe 11. Saukar 6 ce, ba 8 ba. Kamar malamin da ya kori waɗanda suka faɗi jarrabawa ne, sannan ya yi alfahari da cewa ajinsa duk haziƙai ne.

Ɗaya hanyar ita ce tsarin gauraye, wanda Nan Laird da James Ware suka shimfiɗa yadda za a yi amfani da shi ga irin wannan awo a shekarar 1982. An kira shi gauraye ne domin yana haɗa abu biyu: tafarkin da rukuni gaba ɗaya yake bi, da kuma yadda kowane mutum ya kauce wa wannan tafarki. Kowa yana da nasa layin, da inda ya fara da saurin saukarsa. Wanda ya zo sau biyu kawai, ana karɓar biyun. Idan sun nuna bai samu sauƙi ba, tsarin zai yi la'akari da yadda masu irin wannan tafiya suka ƙare, sai ƙiyasin rukunin ya matso kusa da 6. A manhajar R, da kunshin lme4, layi ɗaya ne:

```
lmer(maki ~ mako * rukuni + (mako | mutum), data = bayanai)
```

Amsar da ake nema tana wurin `mako * rukuni`, wato ko masu jinya suna sauka da sauri fiye da masu jira. Abin da ke cikin baka shi ne yake ba kowane mutum layinsa. Kuma tun da mako lamba ce a nan, matar da ta zo a mako na 6 maimakon na 4 ana rubuta mata 6. ANOVA sai dai ta yi kamar a kan lokaci ta zo.

Akwai wani sharaɗin na ANOVA, cewa bambancin da ke tsakanin kowane zuwa biyu ya zama yana warwatsuwa daidai wa daida. Da wuya hakan ya tabbata a jinya, domin awon mako na 8 ya fi kama da na 12 fiye da yadda na ranar farko yake kama da shi. Gwajin Mauchly yana duba wannan, gyaran Greenhouse da Geisser na 1959 yana rage ɓarnar. Amma babu ɗayansu da zai dawo da mutum 15 ɗin nan.

Kada a ɗauka tsarin gauraye maganin komai ne. Yana gyara ɓacewar da ta bar sawu ce kawai, wadda za a iya hango ta daga awon da ke hannu. Ga wani da makinsa ya sauka daga 18 zuwa 9 a mako na 8, sai ciwon ya dawo masa da ƙarfi, ya kulle kansa a ɗaki bai sake zuwa ba. Tsarin zai ɗauka yana ci gaba da warkewa. Babu lissafin da zai gano gaskiyar, sai an buga masa waya ko an bi shi gida. Abin da masu bincike na ƙwarai suke yi shi ne su sake lissafin da zato mafi muni: idan waɗanda suka ɓace sun fi ƙiyasin muni da maki 3, ko 5, har yanzu jinyar tana gaba? Tsohuwar dabarar kwafo awon ƙarshe na mutum a cike masa gurbi da shi kuwa, a ganina gara a bar ta, domin tana nuna kamar ciwon ya tsaya cak tun ranar da ya daina zuwa.

Shi ma tsarin yana da nasa cikas. Idan mutane kaɗan ne kuma aka ɗora masa tambayoyi da yawa, allo zai nuna `boundary (singular) fit`, alamar cewa bayanan ba su isa abin da ake nema ba, sai a sauƙaƙa shi. Layi miƙaƙƙe ma zato ne. Sau da yawa sauƙi yana zuwa da gudu a makonnin farko sannan ya lafa, don haka a fara zana awon a gani da ido. Idan ya lanƙwasa, a ɗauki kowane zuwa a matsayin mataki mai zaman kansa. Kuma idan ƙwararru uku ne suka raba mutum 30, marasa lafiyar kowannensu za su ɗan yi kama da juna. Tsarin yana da gurbin wannan, sai dai uku sun yi kaɗan a auna bambancin hannunsu da kyau.

To yaushe ANOVA take wadatarwa? Idan kowa ya zo, a lokaci guda, ba wanda ya ɓace, hanyoyin biyu sukan ba da amsa kusan ɗaya. A gwajin asibitinmu, da mutum ɗaya cikin huɗu yake da giɓi, tsarin gauraye zan ɗauka. Zan kuma rubuta hakan a takardar shirin bincike tun kafin a auna mutum na farko, don kada a gwada duka biyun daga baya a zaɓi wanda ya faɗi abin da ake son ji.